Amfilifaya mai kwalba ko ta tiransisto?

Tambaya: Ina kaɗa gita a nan Damagaram, salon rok. Amfilifaya mai kwalba zan saya ko ta tiransisto? Kuma me ya sa gardamar sautinsu ba ta ƙarewa?

Amsa: Ɗan'uwa, bambancin yana fitowa ne in ka ƙure murya. Kwalba, wato bututun gilashin da ke ƙara wa sauti ƙarfi a cikin amfilifaya, idan sauti ya fi ƙarfinta, a hankali take danne shi, sai ya fito da kauri da 'yar gurnani mai daɗi. Abin da makaɗan rok ke nema ke nan a wajen amfilifayar Marshall mai kwalabe samfurin EL34. Tiransisto kuwa tas take fitar da sauti har ta kai iyakarta, sannan ta datse shi farat ɗaya, ya koma ƙara mai kaushi. Shi ya sa mai kwalba ta wat 30 kan yi kamar ta fi ta tiransisto mai wat 50 amo.

Amma a garin nan, ni dai tiransisto zan saya. Kwalba zafi take fitarwa, ga zafin Afrilu, ga wutar janareto mai hawa da sauka, ga girgizar hanya in za ka wasa Mirriya. In ta fara mutuwa za ka ji ƙararraki da raguwar murya, kuma samun sabuwa aiki ne. Kada ma ka kuskura ka kunna amfilifaya mai kwalba ba a haɗa lasifika ba, taransifoma na iya ƙonewa.

Gardama kuwa, da wuya ka ga an gwada biyun da lasifika ɗaya, gita ɗaya, ƙarfin murya ɗaya, alhali canjin lasifika kaɗai kan sauya sauti sosai, kuma kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara. Sannan mai kaɗawa yana jin yadda kwalba ke amsa nauyin hannunsa, mai sauraro ba ya jin wannan. Kowannensu gaskiyar abin da ya ji yake faɗa.