Barkwanci a jawabin biki

«Ƙanina zai auri Bazabarma, ni zan yi jawabi a walima nan Maradi. In saka barkwancin ƙabila?»

Saka, amma fara duba ko akwai wasa tsakaninku. Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne, dangin amarya ma za su rama. In ku Katsinawa ne, wasanku da Gobirawa ne, kada ka ari wasan da ba naka ba. Fara tsokanar gidanku, misali yadda ango ke kame-kame wajen gaisuwa da Zabarmanci. Zancen bauta, asali da tsadar sadaki kuwa, bar su, ko da wasa. Ita amarya kada ka taɓa ta, baƙuwa ce. Kafin ranar, karanta wa wani dattijo daga danginta. In ya ɓata fuska, cire.