Jinya ta hana Hajiya zuwa ofishin biza: yadda ake neman a ɗage rana

"Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da ranar kai takardun bizar Schengen a Abuja ranar Alhamis mai zuwa, za ta je wurin yayata da ta haihu a Beljiyam. Shekaranjiya ta zame ta karye a ƙafa, an sa mata filasta, daga Kano kuma za mu taso. Me zan rubuta musu su ɗaga mana ranar? Wanda ya taɓa yi ya taimaka."

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗan'uwa, na shiga irin wannan a 2025, bari in ba ka yadda tawa ta kasance.

Kafin ka rubuta komai, ka buɗe shafin da kuka kama ranar. Yawancin ƙasashen nan sun miƙa karɓar takardu ga kamfanoni irin su VFS Global da TLScontact, kuma ranar tana hannun kamfanin, ofishin jakadanci yanke hukunci kawai yake yi. Idan akwai maɓallin Reschedule kuma ka ga ranar da ta yi muku, ka danna, magana ta ƙare. Amma kada hannunka ya je kan Cancel da niyyar ka soke sannan ka nemi wata. Kana sakin ranar wani ya ɗauke, sai ka koma bayan layi. Wasiƙa tana zama dole ne idan shafin bai nuna rana ba, ko ranakun da ya nuna sun wuce lokacin tafiya, ko lokacin da suke yarda a canza da kai ya shige. Kamfani ko ofishin da sunansa yake kan takardar tabbatar da ranar, shi za ka rubuta wa.

Ni ranata Talata ce, 13 ga Mayu, tafiyata kuma 30 ga Yuni. Ranar Alhamis 8 ga Mayu aka yi mini aikin afendis cikin gaggawa. Saƙon farko da ƙanena ya rubuta a madadina shafi guda ne cur, duk yadda ciwon ya fara da dare, yadda aka rasa mota, yadda iyali suka tashi hankali. Da ya karanta mini sai na ce ya goge. Wanda zai buɗe saƙon ma'aikaci ne da jadawali a gabansa, abin da yake nema shi ne wane ne, wace rana, zuwa yaushe ba zai iya zuwa ba, wace ranar yake so. Ga abin da muka tura, da Turanci, amma ma'anarsa ke nan:

"Sunana kaza kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfo kaza, lambar neman biza kaza. Ina da rana Talata 13 ga Mayu 2025, ƙarfe 10 na safe, a Abuja. An yi mini tiyata ranar 8 ga Mayu, likita ya hana ni doguwar tafiya har zuwa 29 ga Mayu, takardarsa tana haɗe. Ina roƙon a mayar mini da ranar tsakanin 2 da 5 ga Yuni, domin tafiyata 30 ga Yuni ce. Ina ci gaba da neman bizar, ban janye ba. Don Allah a tabbatar mini da sabuwar ranar a rubuce."

A kan saƙon muka sa lambar neman biza da tsohuwar ranar, don a gane shi tun kafin a buɗe.

Ranakun nan na 2 zuwa 5 ga Yuni lissafi ne ya fitar da su, kuma nan nake so ka zauna da kalanda. Dokar Schengen ta ce a shigar da takardu aƙalla kwana 15 kafin tafiya, su ma suna da kwana 15 na yanke hukunci, wanda za su iya ja har kwana 45 idan suna son ƙarin bincike. Kwana 15 kafin 30 ga Yuni ya faɗa kan Lahadi 15 ga wata, wato Juma'a 13 ce iyakata. A tsakani ga Babbar Sallah ranar 6 ga Yuni da hutunta har Litinin 9, ga hutun 12 ga Yuni. Makon farko kaɗai ya rage mai ɗan sarari. Da na ce "duk ranar da ta samu", ana iya ba ni wata a Yuli, kuma ba su yi laifi ba tunda ni na faɗa. Kai ma ka fara daga ranar da likita ya ce Hajiya za ta iya zaman mota zuwa Abuja, ka ƙirgo baya daga ranar jirgi, ka cire hutu. Idan babu abin da ya rage a tsakani, to tafiyar ce za a ɗaga tukuna.

Takardar likita ita ce nauyin saƙon. Katin asibiti ko rasit na magani ba sa wadatarwa. Ka nemi wasiƙa a kan takardar asibitin mai tambari, da sunan likita, sa hannu, hatimi da lambar waya. Ta faɗi ranar da aka ga Hajiya da ranar da ake sa ran za ta iya tafiya. Ka duba rubutun sunan harafi bayan harafi. Tawa an rubuta Mohammed, fasfona Muhammad, sai da ƙanena ya koma aka sake bugawa. Ba sai an zayyana duk tarihin lafiyarta ba, layi biyu sun isa. Kuma kada a ƙara wa ciwo gishiri don neman tausayi, takardar tana iya shiga fayil ɗinta, wanda zai duba bizar ya fara tunanin ko za ta iya tafiyar. Ta bogi kuwa kada ma wani ɗan kan hanya ya kawo maka zancenta, suna iya kiran asibitin, kuma takardar ƙarya dalili ne na hana biza kai tsaye.

Tunda kai ne za ka rubuta, ka tura daga imel ɗin da aka kama ranar da shi, ka ce kai ɗanta ne, ka haɗa ɗan rubutun izini mai sa hannunta, da shafin fasfo mai hoto da takardar tabbatar da ranar, duk a PDF. Ka tura yau. Wanda ya sanar kafin rana da wanda aka neme shi bai zo ba, ba ɗaya ake ɗaukarsu ba, na biyun sau da yawa yakan rasa kuɗin hidimar da ya biya.

Ni amsar na'ura kawai na samu a ranar, sai shiru. Bayan kwana uku na aiki na sake turawa a kan saƙon farko, ban buɗe sabo ba, na kuma kira layinsu na karanta lambar. Aka ba ni Laraba 4 ga Yuni.

Wani abu da ya kusa kayar da ni: ɗage rana yana tsufar da takardu. Bayanin asusun bankina ya tsaya a farkon Mayu, dole na ciro sabo, ajiyar kujerar jirgi ma ta mutu. Idan tafiyar Hajiya ta matsa, inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin jinya ta aƙalla Yuro 30,000 da takardar gayyata daga 'yarta sai sun bi sababbin ranakun.

Ka kuma tambayi Hajiya ko ta taɓa ba da zanen yatsu na Schengen cikin wata 59 da suka wuce. Idan ta taɓa, ana iya amfani da na baya, sai ka ƙara layi ɗaya a saƙon kana tambaya ko za su yarda ka kai mata takardun da wasiƙar izini. Idan wannan ne karonta na farko, sai ta je da kanta, ka tambaye su tun yanzu ko keken guragu zai iya shiga wurin.