Rahoton taron da ya kai shafi shida

Malam, sun naɗa ni sakataren kwamitin ruwa na unguwarmu. A zamanmu na farko na rubuta duk abin da kowa ya faɗa don kada a ce na tauye wani, rahoton ya kai shafi shida, amma da na karanta shi sai mutum biyu suka ce na ɓata musu suna, shugaba kuma ya ce har yanzu bai ga abin da aka yanke ba. Me ya kamata in rubuta, me kuma zan bari?

Ɗana, ka fara da tunanin wanda zai buɗe littafin nan bayan wata shida, wanda wataƙila bai halarci zaman ba, ko kuwa ya halarta amma ya manta. Abu uku zai nema: abin da aka yanke, wanda aka ɗora wa aiwatar da shi, da ranar da aka sa masa. Duk jimlar da ba ta taimaka masa wajen gano ɗaya daga cikin waɗannan ba, to da wuya ta cancanci shiga. Ko a Majalisar Dokoki ta Ƙasa, inda ake da ma'aikata na musamman da ke ɗaukar maganar kowane ɗan majalisa kalma bayan kalma, takarda daban ake fitarwa mai ɗauke da ƙudurori da sakamakon ƙuri'u, kuma ita ce ake kawowa a amince da ita a zama na gaba. Aikinka irin na wannan takarda ta biyu ne.

Bari mu ɗauki misali irin wanda kwamitinku zai iya fuskanta. A ce famfon rijiyar burtsatse ya lalace, an nemo farashi daga masu gyara biyu, na farko ya ce naira 420,000 tare da garantin wata shida, na biyu ya ce naira 365,000 ba garanti. An shafe kusan minti arba'in ana ja-in-ja. Wani dattijo ya tuna yadda aka sha wahala da gyaran bara, wani ya ce mai arahar ɗan unguwa ne, ya kamata a ba shi, wani ya miƙe ya ce kafin a kashe ko kwabo sai ma'aji ya faɗi inda kuɗin karo-karon bara suka shiga, ma'aji ya ce an ci mutuncinsa, shugaba ya ba da haƙuri, daga bisani aka ɗaga hannu. A takardar da kake rubutu a cikin zauren, ka ɗauki duk abin da hannunka ya iya ɗauka, domin ita madogararka ce idan an yi gardama. Amma abin da zai shiga littafi bai wuce wannan ba:

"Gyaran famfon burtsatse. Kwamiti ya duba farashi biyu: naira 420,000 da garantin wata shida, da naira 365,000 ba garanti. An tattauna bambancin kuɗin da amfanin garanti. An yanke a ba mai farashin naira 420,000 aikin. Mutum 9 sun amince, 4 ba su amince ba, 1 bai kaɗa ƙuri'a ba. Mataimakin shugaba zai karɓo yarjejeniya a rubuce kafin 10 ga Maris. Ma'aji zai biya rabin kuɗin bayan an sa hannu, sauran kuma bayan an gwada famfon."

Sai wani sakin layi dabam: "An nemi bayanin kuɗin karo-karon bara. Ma'aji zai gabatar da lissafi da rasidai a zaman 24 ga Maris."

Ka lura da wannan sakin na biyu, domin a nan ne yawancin sababbin sakatarori ke jawo wa kansu rigima. Zargin da aka yi wa ma'aji bai ɓace ba, ya koma aikin da ke da mai yin sa da ranarsa, kuma wannan ya fi yi wa mai zargin amfani fiye da a rubuta kalamansa masu zafi, tunda yanzu akwai abin da za a tambaya a zama na gaba. Shi ma ma'aji ba a bar masa tabo a littafin da zai daɗe bayan ku duka kun sauka ba. Da ka rubuta cewa wane ya zargi ma'aji da cin kuɗi, da ka adana zargin da ba a tabbatar ba da hannunka, kuma littafin yana iya faɗawa hannun wanda ba ka zata ba. Ina tsammanin mutum biyun da suka yi kuka da kai irin wannan ne ya same su: a cikin fushi suka yi magana, kai kuma ka mayar da ita rubutu.

Son kai a rahoto yawanci ta hanyar zaɓen kalma yake shigowa, ko da marubucin bai nufa ba. Idan ka rubuta cewa wane "ya bayyana", wane kuma "ya yi iƙirari", ka riga ka nuna wanda ka gaskata. Haka "ya dage", "ya fusata", "bayan doguwar muhawara mai zafi", "ya kawo kyakkyawar shawara", dukkansu hukuncinka ne, kuma ba a naɗa ka ka yi hukunci ba. Ka tsaya kan kalmomi marasa nauyi kamar an gabatar, an tattauna, an nemi, an yanke, an ɗage. Akwai gwajin da nake so ka riƙa yi kafin ka miƙa rahoto: ka karanta shi da idon wanda ya sha kaye a ƙuri'ar, ka tambayi kanka ko zai yarda cewa haka aka yi duk da bai ji daɗin sakamakon ba. Idan an kawo dalilai, ka ba kowane ɓangare jimla guda daidai wa daida, ba tare da sunan wanda ya faɗa ba.

Suna yana da wuraren da dole ya fito. Yana fitowa a jerin mahalarta da waɗanda suka aiko uzuri, domin da shi ake sanin ko adadin da tsarin mulkin ƙungiya ya gindaya ya cika. Idan tsarinku ya ce sai mutum 12 cikin 18, aka samu 14, ka rubuta hakan a sarari, saboda hukuncin zaman da bai cika adadi ba ana iya rushe shi. Yana fitowa ga wanda ya gabatar da ƙuduri da wanda ya mara masa baya, idan haka al'adarku take. Yana fitowa idan wani ya nemi a rubuta cewa shi bai yarda ba, wannan haƙƙinsa ne, jimla ɗaya ta isa. Yana kuma fitowa idan wani yana da alaƙa da abin da ake yankewa, misali mai gyaran ƙanensa ne, sai a rubuta cewa ya bayyana alaƙar kuma bai shiga ƙuri'a ba.

Wurin da sunan ya fi muhimmanci shi ne wajen wanda zai yi aikin. Mu Hausawa bakinmu ya saba da "za a duba", "a tuntuɓi mai unguwa", "a rubuta wa ƙaramar hukuma", kowa ya gyaɗa kai a tashi, kowa yana zaton wani ne zai yi. Kada ka bar irin wannan jimla ta shiga littafi. Kowane aiki mutum ɗaya za a ɗora wa, ko da mutum uku ne za su yi shi tare, sai a ce wane ne zai kawo bayani. Ranar kuma ta zama ranar wata, domin "mako mai zuwa" ko "bayan Sallah" ba su nuna komai ga mai karantawa daga baya, "nan ba da daɗewa ba" kuwa ba wanda za a iya kamawa da ita.

Amma ba kai ne za ka ƙirƙiri mai aikin ko ranar a gida ba, kuma wannan ne ya sa nake cewa ingancin rahoto a cikin zaure ake samun sa. Kafin shugaba ya wuce zuwa batu na gaba a ajanda, ka nemi izini cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, bari in karanta abin da na rubuta a ji ko daidai ne." Sai ka karanta hukuncin da adadin kuɗin. Sau da yawa a nan ne za a gano cewa rabin mutane sun ɗauka an amince da biyan kuɗin gaba ɗaya, rabi kuma sun ɗauka kashi biyu za a yi, ko kuwa a gano ba a ɗora wa kowa komai ba. Gara a warware shi kowa yana zaune. Idan kuma aka watse ba a yanke komai ba, ka rubuta gaskiya: "Ba a cimma matsaya ba, an ɗage batun zuwa zama na gaba." Ƙorafin shugabanku na cewa bai ga hukunci ba yana iya zama don shafi shidan sun binne shi, yana kuma iya zama don ba a yanke shi a fili ba tun farko, sai ka koma takardarka ka duba wanne ne.

Ka tsabtace rahoton a ranar ko washegari, tun kana tuna ma'anar guntayen da ka rubuta, ka kuma gwada kowane adadi da takardar asali, wato takardar farashi ko rasit, kada ka dogara da abin da kunnenka ya ji. Dogon bayani kamar lissafin ma'aji ba a kwafe shi, ana maƙala shi ne a ambaci cewa an maƙala. Daga nan ka nuna wa shugaba. Yana da damar ya gyara kuskure, amma ba shi da damar ya canza abin da aka yanke, kuma wata rana za a zo maka da wannan buƙata cikin lallashi, a ce ai kowa ya san abin da ake nufi. Amsarka ita ce a kawo batun zama na gaba a sake yanke shi, a rubuta shi a matsayin sabon hukunci da ranarsa.

Dalilin wannan tsauri shi ne rahoton da aka karanta, aka amince da shi, shugaba ya sa hannu, ya zama hujja. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta wajabta wa kamfanoni adana rahoton tarurrukansu, kuma wanda shugaba ya sa wa hannu ana karɓar sa a matsayin shaidar abin da ya gudana. Ko ƙaramar ƙungiya irin taku, ranar da za ku canza masu sa hannu a asusun banki, za a nemi ƙudurin da aka yanke a rubuce, haka ma idan kuka je yin rajistar amintattu za a nemi rahoton zaman da aka naɗa su. Saboda haka idan aka sami gyara lokacin karantawa, kada ka goge ko ka yage shafi. Ka rubuta gyaran a rahoton sabon zama, misali cewa an gyara ranar karɓo yarjejeniya daga 10 zuwa 12 ga Maris, sannan aka amince.

Game da wanda ka riga ka rubuta, tunda ba a amince da shi ba tukuna, ka ɗauki jan biro ka ja layi ƙarƙashin kowane hukunci da kowane aiki da aka ɗora wa wani, ka sake gina rahoton daga waɗannan layukan kaɗai, ka ƙara jimla guda ta dalili inda ake buƙata. Zai yi wuya ya wuce shafi ɗaya da rabi. Inda ka tarar da aiki ba mai shi, ka bar gurbin, ka gabatar da shi a farkon zama mai zuwa ƙarƙashin abubuwan da suka taso daga rahoton baya, domin kwamiti ya cike shi da kansa.