Shadda ce ta auduga ko mai roba? Abin da hoto ke iya nunawa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, wani mai yadi a kasuwar Balogun ya turo min hoton wani mutum sanye da babbar riga ruwan sararin samaniya a wajen biki, yana zaune a kujera, ya ce irin shaddar ce zai ba ni yadi 10, wai kotin ce zalla. Rigar tana ƙyalli sosai tun daga kafaɗa har ƙasa kuma ko yamutsewa ɗaya ban gani ba. Ta yaya zan gane a hoto ko auduga ce ko roba ce ko haɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara ajiye maganar ƙyallin nan gefe tukuna, don shi ne ya fi komai ruɗin mutane. Da yawa an ɗauka duk yadin da yake sheƙi roba ne, alhali shadda mai kyau irin su gezna da ake saƙawa a Ostiriya auduga ce kuma tana sheƙi fiye da wasu masu robar ma. A masana'anta ana jiƙa zaren da ruwan soda mai ƙarfi ya kumbura ya yi santsi, sannan a matse yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi, irin aikin da masu bugu ke yi a Kano da gungume da taɓarya ke nan, a daddaɗe fuskar yadin har ta riƙa mayar da haske. To ka ga sheƙi kaɗai bai raba gardama ba, yanayin sheƙin ne abin dubawa.

Zaren auduga gajerun gashi ne aka murɗa, haske in ya faɗa kai warwatsuwa yake yi, shi ya sa sheƙinta ke da laushi, yana tashi a hankali yana ɓacewa a hankali kuma kalar yadin tana nan a ƙarƙashinsa. Zaren poliyesta kuwa, wanda muke ce wa roba ko leda, yawanci dogo ne sumul, yana mayar da haske waje guda. A hoto za ka ga farin layi mai kaifi ya bi bayan kowane ninki, kalar ta ɓace gaba ɗaya a wajen. Amma hoton biki fa akwai filas da fitilun hol, wasu ma har da filta, kuma filas yana iya sa gezna ta gaske ta fito da irin wannan farin layin. Don haka a hotonka ni ba zan yanke hukunci da ƙyalli ba.

Abin da ya fi ja min hankali shi ne mutumin a zaune yake. Wanda ya sa babbar riga ya shiga mota ya sha goslo a zafin Legas ya zo ya zauna a kujera, in auduga ce a jikinsa dole ta bar shaida. Ka yi zumin wurare uku: gwiwar hannun 'yar ciki, kan cinya inda riga ke tattaruwa, da kafaɗa inda ake naɗe hannun babbar riga. Auduga tana karyewa ne, za ka ga ƙananan layuka masu kaifi sun gitta juna, kuma ko ya miƙe suna nan sai an yi guga. Roba lanƙwasa take yi ta koma, ninkinta zagaye ne ba kusurwa, yana tashi ta sake. Na haɗi a tsakiya yake, yana yin layi amma mara zurfi. In ka duba wuraren nan uku sumul, wallahi zargina ya fi karkata ga akwai roba a ciki, sai dai in yana zama aka ɗauki hoton. Ka leƙa wuya da hammata ma, auduga tana shan danshin da ya kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinta, poliyesta ko kashi 1 bai kai ba, shi ya sa mai roba ke dafa mutum a garin nan, ita kuwa audugar sai ka ga wuyan ya ɗan saki ya yi laushi.

Sai zubin rigar. Sabuwar shadda ta auduga tana tsayawa da kanta, tana buɗewa ta bar jiki, ninkinta manya ne masu kusurwa kamar an naɗe takarda. Mai roba da yawa tana zubowa ta bi jiki, ƙasanta na lilo. Matsalar nan ita ce sitaci, in mai wanki ya zuba wa yadin haɗi sitaci da kyau zai tsaya ƙiƙam a hoto, ita kuma shaddar da ta sha wanki ta saki. Wani abin da teloli suka sani, bakin ɗinki a yadin roba yana yawan tattarewa, ka ga gefen aljihu ko kalmasa ya yi ƙananan tudu-tudu da guga ba ta kwantar da su.

Maganar saƙa kuma, zanen shadda ba bugawa aka yi ba, saƙa shi aka yi, a wani waje zaren tsaye ne a sama a wani wajen na kwance, shi ya sa in ka juya yadin furen da yake haske sai ya yi duhu. To amma injin da ya saƙa auduga zai saƙa roba haka nan, ganin zane bai tabbatar da komai ba. Abin da hoto na kusa zai nuna maka shi ne ƙanƙantar zare da yadda aka matse saƙar, da kuma ƴan ƙulli-ƙullin gashi a hammata da gefen aljihu in rigar ta kwana biyu, wannan halin yadin haɗi ne. Kuma WhatsApp yana rage hoto har zaren ya narke, ka ce ya turo ta Document.

Inda hoto ya gaza shi ne haɗi. Yadin da aka fi yi, poliyesta 65 auduga 35, an murɗa zarensa kamar na auduga kuma ana iya kashe masa ƙyalli tun a masana'anta, ko ni da nake cikin yadi ba zan rantse a kansa daga hoto ba. Bayan haka ma rigar wani ce ya turo maka, ba bandir ɗin da zai yanka maka ba. Ka ce ya fita waje da rana ba filas ya yi maka bidiyon ainihin yadin, ya damƙe gefe a hannu ya ƙirga goma ya saki, ka ga ko layukan sun zauna. In ka samu shiga Balogun kuma ka roƙi ɗan ƙyalle, ka zare zaren tsaye daban na kwance daban don wani lokaci ɗaya ne auduga ɗayan roba, ka ƙona su da ashana can nesa da kayan mutane. Auduga warin takarda take yi ta bar toka mai laushi da za ka murje da yatsa, roba tana janyewa daga wuta ta narke da baƙin hayaƙi ta bar ƙwallo mai tauri. Na haɗi za ka ga toka da ɗan tauri a cikinta, ka bari ya huce kafin ka taɓa don narkakkiyar roba tana manne wa fata.