Naira 43,000 ta hana hagu da dama haɗuwa: ga inda ta maƙale

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma ina zuwa ajin koyon ajiye lissafi da yamma. Ga hoton aikin da aka ba mu. Na haɗa tirayal balans, ɓangaren Dr ya ba ni 836,000, ɓangaren Cr ya ba ni 879,000. Na sake tarawa har sau uku, amsar ɗaya ce. A ina na kuskure?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na zauna da hoton naka na tara layukan da kaina, kuma tarawarka daidai take. Ko ka sake sau goma abin da za ka samu ke nan, domin matsalar tana cikin abin da ka ɗauko daga leja, wato littafin da kowane asusu ke da shafinsa, ka jera a tirayal balans, jadawalin da ake gwada ko jimillar ɓangarorin biyu ta zo ɗaya. Kurakurai biyu ne, kuma haɗuwarsu wuri guda ce ta sa suka yi maka wuyar kamawa.

A hagu, wato Dr, ka jera kuɗin hannu 371,500, sayen kaya 320,000, hayar shago 60,000, dako 12,500, kuɗin da mai shago ya ɗiba don cefanen gida 25,000, sai waɗanda ake bi bashi 47,000. A dama, wato Cr, akwai jari 500,000, ciniki 286,000, masu bin shago bashi 85,000, da kayan da aka dawo da su 8,000.

Abin da ake fara yi shi ne a cire ƙaramin daga babban. Tazarar 43,000 ce. Sai a duba ko akwai wani asusu a leja mai wannan adadi da aka manta ba a ɗauko ba. A hotonka babu. Daga nan a raba tazarar biyu, saboda duk adadin da ya sauka a ɓangaren da ba nasa ba yakan jawo tazara ninki biyunsa: ya rage wa gidansa, ya ƙara wa gidan maƙwabci. Rabin 43,000 shi ne 21,500, shi ma babu shi. Gwaji na uku a raba da 9, kuma 43,000 ba ta rabuwa da 9 ba tare da saura ba. Idan gwaje-gwajen nan uku duk suka ƙi, yawanci kuskuren ya fi ɗaya, kuma sai a ajiye na'urar lissafi a koma karanta sunayen asusun ɗaya bayan ɗaya.

Kowane layi ka tambaye shi ko a gidansa yake zaune. Abin da shago ya mallaka, da abin da ya kashe, da abin da mai shi ya ɗiba, hagu suke. Jari, ciniki da bashin da ake bin shago, dama suke. Da na bi su haka sai na tsaya a kan 8,000 ɗin nan. A tambayar da malaminku ya rubuta, abokin ciniki ne ya dawo da turmin da ya karɓa bashi saboda ya tarar da tabo a jiki. Wannan ciniki ne ya warware. Tunda ciniki dama yake zama, abin da ya rage shi hagu zai tafi. Wanda ake sa wa a dama shi ne kayan da kai ka mayar wa dilan da ka saro a wurinsa, domin shi sayen kaya yake ragewa. Masu koyo da yawa suna haɗa biyun nan saboda duka "mayar da kaya" ake ce musu a kasuwa, don haka ka riƙa tambayar kanka ko kayan shigowa shago suka yi ko fita.

Ka matsar da 8,000 zuwa hagu. Yanzu hagu ya zama 844,000, dama ya sauko 871,000. Ka ga 16,000 ta tafi daga tazarar, saura 27,000.

Yanzu gwaje-gwajen za su yi aiki. Rabin 27,000 shi ne 13,500, kuma a nan na ɗan dakata, don yadda kake rubuta 2 a layin dako tana kama da 3, ga inuwar hannunka ta faɗo a wurin. Na buɗa hoton sosai na ga 12,500 ne, kuma dako yana inda ya kamata. Sai rabawa da 9: ta ba da 3,000 cif. Wannan alama ce ta juya lambobi wajen kwafa. Duk lokacin da lambobi biyu da ke kusa da juna suka yi musayar wuri, tazarar da ke fitowa tana rabuwa da 9, kuma amsar tana gaya maka nisan da ke tsakanin lambobin. A nan 3 ta fito a gurbin dubbai, saboda haka muna neman adadin da lambar dubbansa da ta gabanta suka bambanta da 3.

Sai dai kada ka yi gaggawa, domin a takardarka adadi uku ne suka cika wannan sharaɗi. 47,000 na iya zama 74,000. 25,000 na iya zama 52,000. 85,000 da ke dama na iya zama 58,000. Ko wanne ka juya a cikinsu jadawalin zai daidaita, kuma biyu daga ciki ƙarya za su ba ka. Gwajin 9 yana rage maka wuraren dubawa ne kawai, hukuncin yana cikin leja. A gefen hoton asusun mai karɓar kaya bashi ya fito: ya karɓi kaya na 112,000, ya biya 30,000, ya dawo da na 8,000. Abin da ya rage a kansa 74,000 ne, kuma haka ka rubuta a ƙasan asusun da hannunka. Wajen kwafowa ne 74 ta koma 47. Gyara shi, hagu zai hau 871,000, daidai da dama.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka kada ka saba da shi. Wasu idan sun gaji sukan buɗe asusun wucin gadi su zuba tazarar a ciki don jadawalin ya rufe. A babban kamfani ana yin haka na ɗan lokaci kafin a gano kuskuren, amma a aikin koyo mai asusu goma babu dalilinsa. A shagonka na gaske kuwa, da ka bar 47,000 ɗin nan, bashin 27,000 ke nan da kake bin mutum ya ɓace daga takardarka, kuma ba lallai shi ya tuna maka ba.

Haɗuwar 871,000 da 871,000 tana nuna cewa duk abin da ya shiga hagu ya sami takwaransa a dama, iyakarta ke nan. Da ka manta wani ciniki gaba ɗaya, ko ka rubuta bashin wani a shafin wani, ko ka kwafo 60,000 na haya a matsayin 6,000 a ɓangarorin biyu, jadawalin zai daidaita lafiya lau alhali lissafin ba daidai yake ba. Shafin kuɗin hannu bai fito a hoton ba, don haka 371,500 ɗin na ɗauke ta yadda ka rubuta. Kafin ka miƙa aikin, bi tambayar layi-layi ka sa alama a kan kowace shigarwa sau biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. In kana so na duba shafin kuɗin, shimfiɗa littafin a kan tebur da rana, ka ɗauki hoton daga sama yadda kanun Dr da Cr za su fito.