Farin tabo a jikin kwalbar zuma: laifin haske ne, ba na waya ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da zuma a Birnin Kebbi, cikin kwalaben gilashi masu rabin lita. Duk hoton da na ɗauka sai farin tabo ya fito a tsakiyar kwalbar, zumar kuma ta yi baƙi. Ina cin karo da kalmomin `softbox`, `rim light` da `hard light` a intanet. Mene ne bambancinsu, wanne zai gyara mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gilashi madubi ne. Duk ƙyallin da kike gani a jikin kwalba hoton fitilar da ke haska ta ne, an lanƙwasa shi. Saboda haka girman fitilar da inda aka ajiye ta su ne ke yanke yadda hoton zai fito.

Abin da suke kira `hard light` shi ne kaifin haske, wanda ke fitowa daga ƙaramin wuri: filashin waya, ƙwan lantarki tsirara, ko ranar tsaka. Shi ne ya ba ki wannan tabon, kuma filashi ya fi muni domin yana dab da kyamara, hasken na dukan gilashi ya dawo kai tsaye. Amma yana da ranarsa. Idan ya zo daga gefe ta ɗan baya, zai ratsa zumar ya zubo da launin zinariya a cikin inuwar kwalbar a kan tebur, sai dai duk ƙura da shatin yatsa za su bayyana.

`Softbox` kuwa akwati ne mai fitila a ciki da farin yadi a fuskarsa, wani mai santimita 60 da 90. Yadin ya mayar da ƙaramar fitila babban fili mai haske, sai tabon ya koma doguwar farar tsaga mai bin gefen kwalba daga kafaɗa zuwa gindi. Wannan tsagar ce ke gaya wa ido cewa kwalbar mai zagaye ce. Ba dole ki saya ba. Ki rataya farin yadi mara zane, wanda ya ninka tsawon kwalbar sau biyu, a gefen hagunta da tazarar santimita 30 zuwa 40. Sai fitilar caji a bayan yadin, ita ma da tazarar kusan santimita 40. Idan kin ga dunƙulen haske a tsakiyar tsagar, fitilar ta matse wa yadin, ki ja ta baya. Idan tsagar ta hau kan takardar sunan kaya, ki matsar da yadin ya ɗan koma bayan kwalbar. Mutane da yawa na nesanta yadin don haske ya yi laushi, alhali akasin haka ne: nisa na ƙanƙanta shi, ya dawo da kaifin.

`Rim light` ya fi su buƙatar haƙuri. Haske ne daga baya wanda ke zana siririn layi a gefunan kwalba, bayanta kuma ya zauna baƙi. Da safe ki rufe taga da farin yadin nan, ki tsayar da baƙin kwali a tsakiyarta, faɗinsa daidai abin da zai cika hoton da kike gani a fuskar wayar, haske na leƙowa ta hagunsa da damansa. Kwalbar ta zauna kamar santimita 50 a gaban kwalin. Idan layin ya yi kauri, ki matsar da ita kusa da kwalin. Idan ya ɓace, ki janye ta gaba ko ki rage faɗin kwalin. Takardar sunan za ta yi duhu, sai ki riƙe farin kwali kusa da wayar ya mayar mata da haske.

Baƙin zumar wani ciwo ne daban: haske bai ratsa ta ba. Ki yanka farar takarda da siffar kwalbar, ta ɗan fi ta ƙanƙanta, ki tsayar da ita santimita 5 zuwa 10 a bayanta, a karkace tana fuskantar yadin gefe. Nan take zumar za ta yi ja kamar an kunna mata wuta. Don hoton talla, wannan takarda da yadin gefe su zan fara ba ki shawara a kai.

A wayar, ki goge gilashin kyamara, musamman a hunturu, domin ƙura da hasken baya na sa hoto ya yi hazo. Ki kashe filashi da ƙwan ɗaki, kada launin haske biyu su cakuɗe. Ki ja baya kamar mita ɗaya ki danna `2x`, don daga kusa kwalbar kan kumbura. Ki danna kan takardar sunan a fuskar wayar ki riƙe har saitin kyamarar ya kulle, sannan ki ja alamar rana ƙasa kaɗan. Idan ratsi-ratsi suka fito a ƙarƙashin fitilar da ke jone da wutar gida, ki shiga sashen `Pro` na kyamarar ki sa saurin ɗauka a `1/50`, ki kuma jingina wayar da wani abu kada ta motsa.