Kuɗi, kai kaya kan lokaci da ƙarin awannin direbobi: wanne za a fifita?

Tambaya: Malam, ina kula da ƙaramin kamfanin kai saƙonni. Mai kamfani yana so a rage kashe kuɗi, masu kaya suna so ya iso ranar da aka yi alkawari, direbobi kuma sun gaji da ƙarin awanni. Na ji ana maganar `goal programming`. Yaya ake aiki da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan hanya ta samo asali ne daga aikin Charnes da Cooper da Ferguson a 1955. Kowane buri sai ka sa masa adadi, lissafi kuma ya nemo tsarin da saɓawarsa daga adadin nan ta fi ƙanƙanta.

A ce kuna da ƙunshi 600 a rana, direbobinku suna iya kai 400 a awanninsu na ƙa'ida. Sauran 200 ɗin hanya uku gare su. Ko a kai su a ƙarin lokaci, mu kira adadinsu x, kowane ƙunshi yana cin kuɗi 3, ana kai goma a awa. Ko a ba motar haya, wato y, a kan 5. Ko su kwana, wato z. Burinku kuwa: ƙarin kuɗi kada ya wuce 500, kashi 95 cikin ɗari su isa kan lokaci (masu kwana kada su wuce 30 ke nan), ƙarin awanni kada su wuce 10.

```
x + y + z = 200
3x + 5y + n1 - p1 = 500
z + n2 - p2 = 30
x/10 + n3 - p3 = 10
x, y, z, n1, n2, n3, p1, p2, p3 >= 0
```

Harafin p shi ne abin da aka zarce buri da shi, n kuma abin da ya rage kafin a kai shi. A nan zarcewa ce kaɗai ke cutar da mu, don haka p muke son ragewa. Gwada ka gani: idan ka cika burin lokaci da na awanni, x zai zama 100, z 30, y 70, kuɗi ya kai 650. Ukun ba za su cika tare ba, dole ɗaya ya ɗan sassauta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a ce a rage p1 + p2 + p3 kai tsaye. An haɗa kuɗi da ƙunshi da awa kamar abu ɗaya ne. Mayar da ƙunshi ɗaya daga motar haya zuwa direbanku yana rage kuɗi da 2, amma a ɓangaren awanni 0.1 kawai yake ƙarawa, sai lissafi ya ga riba, ya ɗora wa direbobi kusan awa 17. Ba wanda ya yanke wannan shawara, bambancin ma'auni ne ya yanke ta. Maganinsa a raba kowane p da adadin burinsa, sannan a sa nauyi:

```
min  w1*p1/500 + w2*p2/30 + w3*p3/10
```

Idan nauyin duka 1 ne, amsar ita ce x 100, y 70, z 30, kuɗi ya zarce da kashi 30 cikin ɗari. Mai kamfani zai ce a ƙara nauyin kuɗi. Ka kai w1 zuwa 2, babu abin da zai motsa. Da zarar ya wuce 2.5, duk ƙunshi 70 na haya za su koma kan direbobi gaba ɗaya, awanni su tashi daga 10 zuwa 17. Irin wannan lissafi tsalle yake yi, shi ya sa nake so ka gwada nauyi daban-daban ka ga inda amsar ke juyawa kafin ka amince da ita.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da na fi damuwa da shi. Iyakar da doka ko yarjejeniyar aiki ta sa wa awannin tuƙi ba buri ba ce da za a yi ciniki a kanta, domin direban da barci ke ɗauka ransa da na mutane ne a kan hanya. Rubuta ta a matsayin sharaɗin da ba a ƙetarewa. Idan iyakar ta kama ƙarin awa 14 a jimlace, sai ka ƙara `x <= 140`. Da w1 a kan 3, amsar ta zama 140 da 30 da 30, kuɗi 570. Ka lura jimla tana ɓoye rashin adalci, don mutum biyu na iya ɗauke awannin duka. In direbobin ba su da yawa, ba kowannensu nasa layi.

Akwai kuma hanyar jera buri bisa fifiko: a fara cika na farko, a kulle shi, sannan a nemi na biyu. Tana da kyau idan kwangila ta tilasta muku kashi 95 ɗin, sai dai ba ta yarda a saki ƙunshi ko ɗaya ba, komai yawan kuɗin da hakan zai ceto.

Solver na Excel ya isa wannan aiki, ka zaɓi Simplex LP. Adadin ƙunshi goma a awa kuwa ka ciro shi daga bayanan tafiye-tafiyenku na yamma, lokacin cunkoso da gajiya, domin in ka ɗauki na safe za ka ga awanni 10 a takarda, direbobi kuma su yi fiye da haka a kan titi.